Yadda Ake Rubuta wa Malamin Kimiyya Saƙo Don Tambayar Sunan Kayan Ɗakin Gwaji da Aka Ɗauki Hotonsa

Ɗalibin lise a Damagaram ya fi saba ganin kayan gwaji a zanen littafi ko a kan allo fiye da ganinsu a zahiri, saboda haka ba abin mamaki ba ne ya ci karo da wani kayan gilashi a cikin kabad na ɗakin gwaji ya kasa gane shi, ko da kuwa ya taɓa zana shi da hannunsa. Abin da yawanci ake yi shi ne a ɗauki hoto guda da salula, a tura wa malamin fizik da shimi, a rubuta a ƙarƙashinsa cewa ana son sanin ko mene ne wannan. Irin wannan saƙo ba kasafai yake samun amsa mai gamsarwa ba, kuma ba don malamin bai san kayan ba. Dalili shi ne gilashi ba ya fitowa sosai a hoto, hoton kuma ba ya nuna girman abu, ba ya nuna ko ƙarshen bututu a buɗe yake ko a toshe, alhali da waɗannan ne malami yake rarrabe kayan da suka yi kama da juna. Aikin rubutun da ke tare da hoton shi ne ya faɗi abin da hoton ya kasa nunawa.

Za mu bi misali guda tun daga fari har ƙarshe. Wata ɗaliba ƴar ajin ƙarshe na lise tana taya sharar ɗakin gwaji bayan hutu, sai ta ga wani dogon bututun gilashi kwance a cikin kwali, yana da ƙananan bakuna biyu a gefe. Malaminta ba ya makaranta a ranar, ita kuma tana son sanin sunansa da amfaninsa.

Kafin hoto, a duba da ido

Mataki na farko ba ya buƙatar waya. A tsaya a dubi abin a inda yake, a tabbatar ba shi da haɗari kafin a kai hannu. Idan akwai ruwa ko gari a cikinsa, kada a shinshina, kada a zubar, kada a sa baki a hura don a kawar da ƙura. Idan aka ga wani ruwa mai ƙyalli launin azurfa yana motsi a ciki, wannan markuri ne, wanda ake samu a tsofaffin ma'aunan zafi da na matsin iska. Idan gilashin ya fashe tururin markurin guba ne, don haka a ɗauki hotonsa a inda yake ba tare da an ɗaga shi ba. Kayan da ke da igiyar lantarki kuwa ba a jona su don a ga me za su yi. Ana juya su ne a nemi ƴar farantin da ke baya ko a ƙasa, inda ake rubuta sunan masana'anta da lambar samfuri da ƙarfin wuta, kamar 220 V da 50 Hz, kuma hoton wannan faranti shi kaɗai yakan isa a gane na'urar.

Bututun ɗalibar nan babu komai a cikinsa sai ƙura da wani farin tabo, kuma bai tsage ba, don haka ta nemi izinin mai gadin ɗakin ta ɗauko shi da hannu biyu ta kwantar a kan tebur. Dogon gilashi ana kwantar da shi ne nesa da bakin tebur, a tare shi da littafi don kada ya mirgina.

Ɗaukar hoton

A nan ne akasarin saƙonni suke lalacewa. Gilashi yana barin haske ya ratsa shi, kuma yana mayar da wani sashe na hasken, shi ya sa idan aka ɗora shi a kan farin tebur sai ya ɓace, idan kuma aka kunna fitilar waya sai wani farin ƙyalli ya rufe daidai wurin da rubutu yake. Maganin wannan mai sauƙi ne. A shimfiɗa baƙin ƙyalle ko shuɗi mai duhu marar zane, ko a yi amfani da bayan allon ɗalibi, a ɗora gilashin a kai. A kashe fitilar waya, a matsa kusa da taga ko ƙofa inda haske yake shigowa daga gefe. Ranar tsaka ta Damagaram ta fi ƙarfin wannan aiki, domin inuwar da take jefawa tana haɗuwa da layukan gilashin har a kasa bambance su. Inuwar baranda ta fi dacewa. A lokacin hunturu, idan ƙura ta lulluɓe kayan, a share bayansa da ƙyalle mai laushi, amma a bar cikinsa yadda yake, saboda abin da ya rage a ciki shaida ce da malami zai so ya gani.

Dole a ajiye ma'auni a gefen abin. Regil na santimita 30 da kowane ɗalibi ke da shi ya wadatar, a jera shi tare da tsawon kayan, sifilinsa daidai da ƙarshe guda. Idan babu regil, biro ya fi babu, sai dai malami zai yi kintace ne kawai. Girma yana da muhimmanci saboda akwai kayan da siffarsu ɗaya ce amma sunansu da aikinsu sun bambanta gwargwadon ƙanƙantarsu ko girmansu.

Hoto uku ko huɗu sun isa. Na farko ya nuna abin gaba ɗaya daga sama, waya a miƙe ba a karkace ba. Na biyu da na uku su nuna ƙarshen nan biyu daga kusa, ta yadda za a ga ko a buɗe suke. Na huɗu na rubutun da ke jikin gilashin ne. Kyamarar waya takan kasa kama gilashi, ta koma ta kama ƙyallen da ke baya, don haka a taɓa daidai wurin rubutun a fuskar waya har ya fito sarai kafin a ɗauka. Farin rubutu yana fitowa a kan baƙin ƙyalle, shuɗi ko ruwan ƙasa kuma yana fitowa idan aka sa farar takarda a baya. Idan ta WhatsApp za a tura, a lura cewa yana rage nauyin hoto har ƙananan lambobi su dushe. A zaɓi HD ko a tura shi a matsayin Document domin ya isa da ingancinsa.

Abin da za a lura da shi don a rubuta

Yanzu sai a ɗauki takarda a amsa wasu tambayoyi, kuma mafi muhimmancinsu ita ce ta bakuna. Bakuna nawa abin yake da su, a ina suke, kuma wanne ne yake haɗe da wanne? Kayan gilashi na ɗakin gwaji kusan duka hanyoyi ne da ruwa ko tururi ke bi, saboda haka wanda ya san inda abu ke shiga da inda yake fita ya kusa sanin aikin kayan. Ɗalibar ta ɗaga bututun ta leƙa ta ƙarshe guda, ta hango haske ta ɗaya ƙarshen, wato hanyar a buɗe take tun daga sama har ƙasa. Da ta ƙara dubawa sai ta lura cewa bututu biyu ne, siriri a cikin mai faɗi, kuma ƙananan bakunan gefe ba su shiga cikin siririn ba, sun tsaya ne a sararin da ke tsakanin gilashin biyu. Wannan lura guda ta fi hotuna goma amfani, kuma ba lallai ba ne ta fito a hoto.

Tambaya ta biyu ita ce ko akwai layukan awo. Idan akwai, a rubuta inda sifili yake, a rubuta lambar da ta fi girma, a ƙirga ƙananan layuka nawa ne tsakanin lamba da lamba. Ga dalilin. Dogon bututu mai layuka, wanda sifilinsa yake sama, lambobinsa suna ƙaruwa zuwa ƙasa har 25 ko 50 mL, kuma yana da ɗan famfo a gindi, biret ne, wanda ake ɗiga ruwa da shi a gwajin auna ƙarfin asid. Siririn bututu mai kumburi a tsakiya, marar famfo, mai layi ɗaya ko biyu kacal, fifet ne na auna adadi guda. Wanda yake da faffaɗan gindi yana tsayawa da kansa, lambobinsa suna hawa daga ƙasa zuwa sama, ma'aunin ruwa ne na zubawa. Wanda kuma aka toshe ta ko'ina, da ƴan ƙwayoyin darma a gindinsa da takardar lambobi a cikin wuyansa, ma'aunin nauyin ruwa ne da ake sakawa ya yi iyo. Dukansu idan aka ce kawai “dogon gilashi mai lambobi” an kwatanta su daidai, kuma ba a taimaki malami da komai ba. Rashin layuka ma bayani ne. Bututun ɗalibar ba shi da layi ko ɗaya, ba shi da famfo, kuma ya kamata ta faɗi haka ƙarara, domin wannan ya fitar da shi daga jerin kayan awo tun kafin malami ya buɗe hoton.

Tambaya ta uku ta rubutun da ke jiki ce, kuma ƙa'idarta ita ce a kwafe shi harafi da harafi, ko an fahimce shi ko ba a fahimta ba. Kada a gyara, kada a fassara, kada a cike abin da ya goge da zato. Inda harafi ya ɓace a sa alamar tambaya. Waɗannan ƴan alamomi suna ɗauke da ma'ana. Pyrex ko Duran ko Boro 3.3 suna nuna gilashi ne mai jure zafi. Ex 20 °C yana nufin an daidaita kayan ne bisa adadin ruwan da suke fitarwa a wannan zafi, In 20 °C kuma bisa adadin da suke riƙewa. Harafin A ko B matakin daidaiton awo ne, A ya fi B. Ɗalibar ta sami lambobi 29/32 a kusa da kowane ƙarshe, a wurin da gilashin ya yi hazo-hazo kuma yake da ɗan kaushi. Wannan wuri mahaɗi ne da aka goge domin gilashi ya shige cikin gilashi ba tare da tururi ya tsere ba. Lambar farko faɗin mahaɗin ce a milimita a inda ya fi faɗi, ta biyu kuma tsawonsa. Kayan da ke da irin wannan mahaɗi ba su aiki su kaɗai, yanki ne na wani haɗi mai sassa da dama.

Wannan ya kawo mu ga tambaya ta ƙarshe: a ina aka same shi, kuma da me yake tare? A kwalin akwai wani tulun gilashi mai zagayen gindi, da guntayen tiyo biyu na roba da suka bushe. Akwai kuma wani farin tabo a sararin tsakanin bututun biyu, irin wanda ruwa ke bari idan ya daɗe yana bi ta wuri yana bushewa. Duk waɗannan sun cancanci shiga saƙon.

Rubuta saƙon

Tsarin saƙon shi ne sallama da gaisuwa, sai gabatar da kai, sai dalilin rubutu, sai kwatancen kayan, sai tambaya, sai godiya. Gaisuwa ba a tsallake ta, amma layi biyu sun isa. Gabatar da kai wajibi ne, domin malamin lise yana koyar da azuzuwa da yawa masu cunkoso, kuma ba kowace lamba ce ke cikin wayarsa ba. A faɗi suna da aji. A yi masa magana da “ku”, a kira shi Malam, ko Mushe idan haka aka saba a makarantar, ko Malama ko Madam idan mace ce. A guji tura saƙon murya a madadin rubutu, saboda lambobi kamar 29/32 suna rikicewa a kunne, kuma malami ba zai iya komawa ya duba su da sauri ba yayin da yake kallon hoton. Ga yadda ɗalibar ta rubuta, an cire sunanta kawai:

“Assalamu alaikum, Malam. Ina wuni? Da fatan kuna lafiya tare da iyali. Ni ce ɗalibarku ta ajin ƙarshe, sashen D. Ina neman taimakonku game da wani kayan gilashi da na gani yau a kabad na ɗakin gwaji, wanda ban san sunansa ba. Na haɗo da hotuna huɗu: na farko shi ne gaba ɗayansa tare da regil, na biyu da na uku ƙarshensa biyu ne, na huɗu kuma rubutun jikinsa.

“Tsawonsa ya kai kimanin santimita 43. Bututu biyu ne, siriri a cikin mai faɗi. Na wajen ya kai tsawon santimita 30 da faɗin kimanin 3. Na cikin a miƙe yake, babu kumburi ko murɗa, kuma a buɗe yake ta ƙarshe biyu. Akwai ƙananan bakuna biyu a gefe, ɗaya kusa da kowane ƙarshe, masu ƴan gaɓoɓi kamar bakin da ake cusa tiyon tukunyar gas, kuma suna buɗewa ne cikin sararin da ke tsakanin bututun biyu. Ba shi da layukan awo, ba shi da famfo. A kowane ƙarshe gilashin ya yi hazo, an rubuta 29/32. Na same shi tare da wani tulu mai zagayen gindi da tiyon roba biyu, kuma akwai farin tabo a tsakanin bututun. Ban wanke shi ba, na mayar da shi cikin kwalinsa.

“Don Allah, Malam, ina son sanin sunansa yadda ake rubuta shi da Faransanci, da aikin da ake yi da shi, da kuma amfanin bakunan gefen nan biyu. Idan akwai ɓangaren da kuke son in sake ɗauka, zan ɗauka gobe in sha Allahu. Na gode, Allah ya ƙara girma.”

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su a wannan saƙo. Na farko, ba ta sanya wa abin suna ba. Da ta rubuta cewa ta ga “wani irin biret”, da ta karkatar da hankalin mai karatu tun daga layin farko, kuma malamin da ke sauri zai iya amsawa bisa kalmarta maimakon bisa hoton. Idan ɗalibi yana da zato, babu laifi ya faɗa, har ma yana nuna ya yi tunani, amma ya ajiye shi a ƙarshe, ya ware shi daga abin da ya gani, ya kuma faɗi dalilinsa. Na biyu, ta roƙi sunan a rubuce da Faransanci, kuma wannan shi ne daidai, tunda da wannan sunan za ta same shi a littafin aji da kuma takardar jarrabawar bak. A ganina tambayar sunan kaɗai taƙaita wa kai ne. Tambaya ɗaya a kan wani sashe na musamman, kamar bakunan gefe, ita ce ke sa malami ya buɗe bayani.

Lokacin turawa ma abin lura ne. Bayan la'asar ko da farkon dare ya fi dacewa, ban da tsakar dare da lokacin da aka san yana aji. Idan kwana biyu suka wuce babu amsa, a tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, ko a same shi a makaranta da hoton a hannu.

Amsar, da yadda ake tabbatar da ita

Da irin wannan kwatance, malamin shimi ba ya buƙatar dogon tunani. Kayan na'urar sanyaya tururi ce mai miƙaƙƙen bututu, wadda ake jingina wa masanin shimi ɗan Jamus Justus von Liebig, wanda ya rayu daga 1803 zuwa 1873 kuma ya yaɗa amfani da ita, ko da yake an ƙera irinta kafin zamaninsa. Ana amfani da ita wajen tace ruwa ta hanyar tafasawa. Ana dafa cakuɗen a tulun nan mai zagayen gindi, tururin ya bi ta siririn bututun da aka ɗan karkatar zuwa ƙasa, ruwan sanyi kuma yana zagaye shi a sararin waje, sai tururin ya huce ya koma ruwa ya ɗiga a wani mazubi. Ruwan sanyin yana shiga ta bakin ƙasa ya fita ta na sama, domin ta haka ne sararin yake cika taf. Idan aka juya, ruwan zai gangara ya fice ya bar rabin bututun cikin iska, tururi kuma ya wuce bai huce ba. A garin da ruwan famfo ba ya samuwa kullum, ba dole ba ne a bar shi yana kwarara a banza: bokiti da ƙaramin famfon lantarki suna iya juya ruwa guda, muddin ana sauya shi idan ya ɗumama.

Ɗalibi bai kamata ya tsaya ga karɓar suna ba. A rubuta sunan da malam ya bayar a wurin bincike, a nan `réfrigérant droit` ko `réfrigérant de Liebig`, a duba hotunan da suka fito, a gwada su da abin da aka rubuta tun farko, sashe da sashe. Wannan gwadawa ce take nuna dalilin da ya sa jimlar “a miƙe yake, babu kumburi ko murɗa” ta zama dole a saƙon. Akwai ƴan uwansa biyu masu bakuna huɗu kamarsa, kuma daga nesa duk ɗaya suke. Wanda bututun cikinsa yake da jerin kumburi shi ne `réfrigérant à boules`, ana tsayar da shi a miƙe bisa tulu domin tururin ya koma cikin tulun, kuma bai dace da karkatarwa ba, saboda ruwa zai taru a cikin kumburin. Wanda bututun cikinsa ya murɗe kuma shi ne `réfrigérant à serpentin`.

Idan sunan da aka samu bai yi daidai da abin da ke hannu ba, misali hotunan suna nuna famfo alhali naka ba shi da shi, sai a koma wa malamin da wannan bambancin kawai, tare da sabon hoto na wurin daga kusa. Idan kuma malamin ya ce hoton bai ishe shi ba, kada a sa kayan a jaka a kai masa gida, domin ƙananan bakunan gefe su ne suka fi saurin karyewa. A nemi lokacin da zai shiga ɗakin gwaji ya duba shi a cikin kwalinsa.